Tsohuwar destof: a sa mata sabon katin girafik ko a canza ta gaba ɗaya?

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, masu tsofaffin destof suka shiga ruɗani, musamman waɗanda dama suna tara kuɗi don su sayi katin girafik. Wani zai ce maka ka sa kati kawai kwamfutar za ta dawo sabuwa, wani kuma ya ce kuɗinka za ka zuba a rijiya tunda na'urar ko Windows 11 ba za ta hau ba. Kowannensu yana da gaskiyarsa, amma ba a kan kowace kwamfuta ba, shi ya sa maganar take buƙatar a warware ta a hankali.

Don kada mu yi ta yawo a iska, bari mu ɗauki kwamfuta guda wadda ta cika shagunan 'yan Beljiyam daga Kwamfuta Bilej ta Ikeja har titin Beirut a Kano, wato Dell OptiPlex 9020. Kwamfutar ofis ce ta wajen 2013, yawanci tana zuwa da furosesa i5-4570 ko i5-4590, wani lokaci i7-4770, da ram DDR3. Duk abin da za a faɗa a kanta kusan haka yake a kan sa'o'inta irin su HP EliteDesk 800 G1.

Me katin yake yi, me kuma ba ya yi

Katin girafik aikinsa zana abin da ake gani a allo. A gem shi ne yake zana kowane firem, a editin bidiyo kuma yana taimakawa wajen buɗe bidiyon da sa masa kala da fitar da shi a ƙarshe. Kwamfutar ofis irin 9020 ba ta da kati na daban, ɗan girafik ɗin da ke cikin furosesa take amfani da shi, Intel HD 4600, wanda ya isa ga Word da Excel da kallon bidiyo amma da ka buɗe gem mai nauyi sai ya durƙushe.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne katin ba shi kaɗai yake aiki ba. Ka ɗauka shagon tela ne, furosesa shi ne mai yanka, kati shi ne mai ɗinki. In mai yanka riga goma yake iya yankawa a rana, to ko ka ɗauko mai ɗinkin da ya fi kowa sauri a garin, riga goma ɗin nan dai za a fitar, sauran lokacin yana zaune yana jira kuma ka biya shi kuɗi mai tsada. Wannan shi ne abin da masu gyara suke kira botilnek, wato wani ɓangare ya riƙe wa sauran wuya. Kuma akwai matsalolin da kati bai ma san da su ba. In kwamfuta tana ɗaukar minti uku kafin ta tashi, ko kana buɗe Chrome tana tsayawa, ko kana danna folda sai ka jira, wannan ba ciwon girafik ba ne, yawanci tsohon had-dis ne mai juyawa ko ƙarancin ram, kuma SSD da ƙarin ram zuwa 16GB su ne maganinsa a kuɗin da bai kai na kati ba.

Yadda za ka gane wanda ya gaji

Ba sai an yi hasashe ba, Windows da kanta tana nunawa. Ka buɗe aikin da yake ba ka wahala, gem ne ko editin, ka bar shi yana gudana sai ka danna Ctrl+Shift+Esc, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. A nan za ka ga CPU wato furosesa, da Memory wato ram, da Disk, da GPU wato girafik, kowanne da kason aikin da yake yi.

In GPU yana manne a 95 zuwa 100 cikin ɗari, CPU kuma yana wajen 50 ko 60, to girafik ne ya gaza kuma kati zai kawo canji na gaske. In kuma CPU ne yake 100 tun kafin a sa kati, to ka sani mai yanka ne ya gaji, sabon kati zai ƙara kyan hoto amma sarƙewar nan da gem yake yi yana tsayawa yana tafiya ba za ta tafi ba. In Disk ne yake 100 ko Memory ta cika maƙil, ka ajiye maganar kati tukuna.

Akwai wani gwaji mai sauƙi ga wanda dama yana da ɗan ƙaramin kati a ciki. Ka rage girman hoton gem ɗin daga 1080p zuwa 720p. In gudun ya ƙaru sosai, kati ne matsalar, don ka rage masa kaya ya samu sauƙi. In gudun bai motsa ba, furosesa ne, don shi bai damu da girman hoto ba.

Fawa-fak da girman akwati, inda yawancin mutane suke faɗuwa

Ko gwaji ya nuna kati kake buƙata, sai an duba ko kwamfutar za ta iya ciyar da shi wuta, kuma a nan ne aka fi asarar kuɗi. Ramin da ake soka kati a madabod, wato PCIe x16, wat 75 ne iyakar abin da yake bayarwa. Duk katin da ya fi haka ci sai an jona masa waya daga fawa-fak kai tsaye, mai baki 6 tana ƙara wat 75, mai baki 8 tana ƙara wat 150. To ita 9020 babbar, wadda ake kira MT, fawa-fak ɗinta wat 290 ne, siririyar SFF kuma wat 255, kuma duk biyun ba su da waccan wayar ta kati kwata-kwata, don ba a yi su don gem ba.

Sai mutum ya ce to a canza fawa-fak mana. A nan ma akwai ƙulli, don Dell ta sa wa 9020 nata bakin na musamman mai fin 8 a madabod maimakon mai fin 24 da kowa yake amfani da shi, saboda haka fawa-fak na kasuwa ba ya shiga sai da adafta. Ana samun adaftar kuma tana aiki, amma ka ga lissafi ya fara tsawo, kati da fawa-fak da adafta, duk a kan kwamfutar da ta haura shekara goma. A SFF kuwa fawa-fak na kasuwa ba zai ma shiga akwatin ba.

Akwai dabarar da wasu masu gyara suke yi wadda ya kamata a guje mata, wato su ɗauko wuta daga wayar had-dis da 'yar adaftar SATA zuwa baki 6. Bakin SATA abin da aka yi shi ya ɗauka a layin bolt 12 bai wuce wajen wat 54 ba, kati kuma yana iya jan 75 ta wannan wayar, to sai ta yi ta zafi har robar ta narke. Alamar fawa-fak ya gaza a bayyane take, kwamfuta tana lafiya lau a kan Word amma da gem ya ɗau zafi sai ta mutu ɗif ko ta sake tashi da kanta.

Sai girman akwati. SFF ba ta karɓar kati sai gajere, wanda ake rubuta Low Profile a kwalinsa, kuma ka tabbata gajeren ƙarfen ɗaurewar yana cikin kwalin. A wasu SFF na Dell ma ramin x16 ɗin yana dab da fawa-fak ne, ta yadda kati mai kauri da ke cin gurbi biyu ba zai zauna ba. Wannan sai ka buɗe murfi ka duba da idonka kafin ka je kasuwa, ko ka ɗauki kwamfutar ka tafi da ita.

Katunan da suke shiga ba tare da an taɓa komai ba

In aka cire duk waɗanda ke neman ƙarin waya, 'yan kaɗan ne suka rage. GTX 1050 Ti mai 4GB na 2016, GTX 1650 mai 4GB na 2019, sai RTX 3050 mai 6GB da ya fito 2024 wanda yake cin wajen wat 70. A lura, RTX 3050 mai 8GB wani abu ne daban, shi yana neman waya, kuma ko a cikin GTX 1650 akwai samfurin da aka yi da bakin waya, saboda haka a duba jikin katin.

GTX 1050 Ti shi ne ya fi arha a hannu na biyu, sai dai Nvidia ta tsayar da sabbin diraibobin gem na zuriyarsa a Oktoba 2025, gyaran tsaro kawai za ta ci gaba da bayarwa zuwa Oktoba 2028. Katin ba zai daina aiki ba, amma sabbin gem da manhajoji za su riƙa wuce shi. GTX 1650 bai shiga wannan yankewar ba, shi ya sa in bambancin kuɗin ba yawa ya fi dacewa.

Akwai biyu da suke da kyau a takarda amma ba su dace da tsohuwar kwamfuta ba. RX 6400 na AMD wat 53 kawai yake ci, to amma layi huɗu kacal yake amfani da su a ramin, an yi shi ne don PCIe 4.0, in ka sa shi a 9020 mai PCIe 3.0 hanyar ta ragu da rabi kuma gudu yana faɗuwa a gem masu cin ƙwaƙwalwar kati. Sannan ba shi da injin fitar da bidiyo, mai editin ba abin da zai ƙaru da shi ta wannan fannin. Katunan Intel Arc su kuma suna dogara da wani abu da ake kira Resizable BAR, wanda madabod na 2013 bai zo da shi ba.

Sai RX 580 mai 8GB da ya cika kasuwa a farashi mai jan hankali. Ƙarfinsa ya fi na GTX 1650, wannan ba musu, amma wat 185 yake ci, dole sai sabon fawa-fak, kuma da yawansu sun sha wahalar haƙar kirifto dare da rana kafin su iso nan.

Maganar Windows 11 da ta rikita lissafi

Kafin 2025 amsar tana da sauƙi, in kati ya shiga kuma wuta ta isa, ka saya. Yanzu akwai ƙarin tambaya, shin ita kanta kwamfutar kwana nawa ya rage mata? Windows 11 tana neman furosesa na Intel zuriya ta 8 zuwa sama in ban da 'yan ƙalilan, ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. Zuriya kuwa a lambar take, i5-4570 zuriya ta 4 ne, i5-8500 ta 8. Ka danna Windows+R ka rubuta wannan don ganin sunan furosesanka:

```
msinfo32
```

Wannan kuma zai nuna maka TPM ɗin da kake da shi:

```
tpm.msc
```

Ita 9020 ta faɗi a jarrabawar. Daina tallafi ba yana nufin Windows 10 za ta ƙi tashi ba, tana nan tana aiki, abin da ya tsaya shi ne toshe ramukan tsaro. A 2025 Microsoft ta buɗe wa ɗaiɗaikun mutane shirin ESU na ci gaba da toshe waɗannan ramukan, wanda ta ce na ƙarin shekara guda ne zuwa 13 ga Oktoba 2026. Ana kuma iya tsallake shingen a ɗora Windows 11 da manhaja irin Rufus, mutane da yawa suna yi kuma tana gudu, amma Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta yi alkawarin ci gaba da ba irin wannan na'urar sabuntawa ba. Wanda kwamfutarsa ta gem ce zalla ko ta editin da ba ta cika hawa intanet ba, wannan ba zai hana shi barci ba. Wanda yake shiga banki da ita ko yake ajiye takardun kwastomomi a shagon kafe, lissafinsa daban ne.

Abin da kowane ɓangare yake kafa hujja da shi

Masu cewa a sa kati hujjarsu mai ƙarfi ita ce kati ba ya mutuwa tare da kwamfuta. In ka sayi GTX 1650 yau ka sa a 9020, ranar da ka samu halin canza kwamfuta zare shi za ka yi ka mayar a sabuwar. Kuma ita "sabuwar" da ake magana, ga yawancin mutane wata 'yar Beljiyam ce mai zuriya ta 8 irin OptiPlex 7060 ko EliteDesk 800 G4, wadda ita ma ba ta zuwa da kati, kuma fawa-fak ɗinta ƙarami ne mai baki na musamman. Wato ko ka canza, kuɗin katin yana nan yana jiranka. In an duba da kyau, tambayar ba wanne za a saya ba ce, wanne za a fara saya ce.

Masu cewa a canza su kuma suna duba furosesa. i5-4570 ƙwaya huɗu gare shi, i5-8500 shida, ga DDR4 ga gurbin SSD na NVMe ga Windows 11 ba tare da dabara ba. Gem ɗin yanzu sun fara fin ƙarfin ƙwaya huɗu. GTA V na asali abin da aka ba da shawara a kansa i5-3470 ne da GTX 660, saboda haka 9020 mai kati za ta tafi da shi cikin sauƙi, amma EA Sports FC 24 mafi ƙarancin abin da ya nema i5-6600K ne da GTX 1050 Ti, ka ga furosesan 9020 yana ƙasa da layi tun kafin a fara wasa. Suna kuma cewa duk abin da ka kashe a DDR3 da adafta da tsohon i7, wannan kuɗin ba ya bin ka zuwa sabuwar kwamfuta, kuma a nan suna da gaskiya.

Mu bi misali ɗaya har ƙarshe

A ce matashi ne mai ɗaukar bidiyon biki, yana da 9020 MT da i5-4570 da ram 8GB da had-dis 500GB. Ƙorafinsa shi ne in ya jefa bidiyon da aka ɗauka da iPhone cikin manhajar editin sai ya riƙa tsalle-tsalle, fitarwa kuma ta ɗauki sa'o'i. Ya duba Task Manager ya ga CPU 100, Memory ta kusa cika, Disk ma yana ta bugawa sama.

A ƙa'idar da muka faɗa a baya, CPU 100 yana nufin kati ba zai taimaka ba, amma a nan akwai togaciya. Wayoyin iPhone suna ɗaukar bidiyo da tsarin HEVC, shi kuma furosesan zuriya ta 4 ba shi da cikakken injin warware HEVC a cikinsa, da ƙarfin tsiya yake yi, shi ya sa ya cika. GTX 1650 yana da wannan injin, yana kuma da NVENC na fitar da bidiyo, to in manhajar tana amfani da su kuma an kunna a saitinta, babban kaso na kayan zai sauka daga kan furosesa. Don tabbatarwa kafin ya kashe ko sisi, sai ya gwada bidiyo mai girma ɗaya da aka ɗauka da tsohon tsarin H.264, in wannan yana tafiya sumul HEVC ne kawai yake tsalle, to an kama ɓarawon.

Tsarin da ya dace da shi, SSD na SATA da farko, sai ram zuwa 16GB, sannan kati mai wat 75. SSD da katin duk za su bi shi zuwa kwamfuta ta gaba, ram ɗin ne kawai zai bari. In aikinsa 1080p ne wannan zai riƙe shi. In kuwa kwastomomi sun fara neman 4K da kyamara biyu ko uku a lokaci guda, ko yana hangen kati irin RTX 3060 mai cin wat 170, to ya wuce gonar 9020, gara ya sayar da ita ya haɗa kwamfuta mai madabod da fawa-fak na gama-gari waɗanda za a iya canzawa gobe.

Wutar da zai sha ma tana cikin lissafi ga mai inbata ko ƙaramin janareta. Kati mai wat 75 in ya yi aiki tuƙuru awa takwas wat-awa 600 ne, mai wat 185 kuma 1,480. Batirin ruwa mai bolt 12 da 200Ah wat-awa 2,400 ne a rubuce, kuma rabi ake so a sha don kada ya mutu da wuri, wato 1,200. Ka ga RX 580 shi kaɗai zai iya shanye rabon batir guda tun ba a lissafa sauran kwamfutar da allo ba.

Inda layin yake

Core 2 Duo da Core 2 Quad, babu katin da ya cancanci a saya musu, sabuwar Windows 11 ta 24H2 ba ta ma tashi a kansu ko da Rufus. Zuriya ta 2 da ta 3 irin OptiPlex 790 da 7010 furosesansu ba shi da wata fasaha da ake kira AVX2, wanda wasu sabbin gem da manhajoji suke ƙin buɗewa in babu shi, kuma wasu tsofaffin BIOS na wancan zamanin suna ƙin nuna hoto da sabon kati, saboda haka canji ya fi. Zuriya ta 4 zuwa ta 7 su ne a tsakiya, kati mai wat 75 yana da ma'ana amma ban da wanda ya fi haka. Daga ta 8 zuwa sama kuwa kwamfutar tana da sauran rai, a duba fawa-fak kawai a sa kati.

In za a je sayen na hannu

Jabun kati suna nan da yawa, musamman masu sunan GTX 1050 Ti waɗanda a ciki tsohon GTS 450 ne aka canza masa suna. In ka ga 1050 Ti da bakin VGA mai shuɗi a jikinsa ka ajiye shi, don zuriyar GTX 10 ba ta da VGA. Ka sa a jona katin a gabanka a buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati, yakan rubuta [FAKE] a gaban sunan jabu, kuma 1050 Ti na gaske Shaders ɗinsa 768 ne. Sannan a kunna manhajar gwajin kati ta FurMark ko gem mai nauyi na minti goma sha biyar, kana kallon fanka ko tana juyawa, da allo ko ɗige-ɗige da layuka za su fito, da zafi ko zai haura digiri 85, don katin da yake haka a shago mai fanka, a ɗakinka cikin watan Afrilu ga ƙurar da ta taru tun hunturu abin sai ya fi haka.

GT 1030 kuma iri biyu ne da suna ɗaya, mai GDDR5 da mai DDR4 wanda ya yi ƙasa sosai a gudu, GPU-Z zai nuna a Memory Type. In allonka VGA kawai gare shi ka haɗa da kanbata ta HDMI zuwa VGA a lissafin kuɗi. Bayan an soka katin kuma, wayar allo a bayan katin ake jona ta, ba a tsohon bakin madabod na sama ba, don in aka bar ta can ko dai allo ya ƙi kawo hoto ko kuma kwamfutar ta ci gaba da fitar da shi ta HD 4600 ɗin nan da aka sayi kati don a rabu da shi.